Zuba wa Firinta Mai Tanki Tawada Ba Tare da an Jawo wa Kai Asara Ba

Wanda ya saba shiga shagunan buga takardu na bakin jami'o'i da sakatariyoyi, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ya san firinta mai tanki, wadda ake hango tawadarta kala huɗu ta cikin 'yan tagogi a gabanta ko a gefenta. Kamfanin Epson ne ya fara fito da irinta a Indonesiya a shekarar 2010, daga baya Canon da HP suka biyo sahu. Abin da ya sa ta karɓu a fili yake: maimakon a riƙa sayen katirij mai tsada da ke ƙarewa nan da nan, kwalbar tawada ake saya a ɗura, a buga dubban shafuka kafin a sake waiwayarta.

Ɗurin kansa bai fi aikin minti biyu ba. Amma a cikin minti biyun nan, da kuma abin da mutum ya yi bayansu, ake ɓata firinta. Ɓarnar kuwa ba ta cika wuce iri uku ba: iska ta shiga hanyar tawada, ko tawada ta malale, ko a zuba wata kala a gidan wata. A ganina ta farkon ce ta fi cin kuɗin mutane, domin ita ce aka fi yi wa maganin da ba nata ba.

Yadda tawada ke tafiya

Tankin ba a kan takarda yake zuba tawada ba. Daga ƙasan kowane tanki akwai siririn bututun roba da ke ɗaukar tawada zuwa kan firinta, wato abin nan da ke kai-komo a bisa takarda, wanda masu gyara ke kira hed. A ƙarƙashin hed ɗin akwai ƙofofi masu yawa, kowacce ta fi silin gashi siranta, ta nan tawada ke fita ɗigo-ɗigo. Duk ɗigon da ya fita, sai ya jawo wani daga baya ya maye gurbinsa, har can cikin tanki. Shi kuma tankin yana da 'yar kafar shan iska a sama, don gurbin tawadar da ta ragu ya cike.

Wannan jan yana yiwuwa ne kawai idan tawadar a haɗe take tun daga tanki har hed, babu yankewa. Wanda ya taɓa ganin ɗan bumburutu na zuƙo fetur da tiyo ya san abin: muddin bakin tiyon na cikin mai, man zai yi ta gangarowa, amma da zarar ya ɗago ya sha iska, sai ya tsaya cak. Haka bututun firinta yake. Idan tawada ta yi ƙasa har bakin bututun ya bayyana, ko aka karkata firintar tawadar ta koma gefe guda, iska ce za ta bi hanyar. In ta isa hed, ƙofofin da ta tsaya a kansu ba za su fitar da komai ba.

Illar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Hed ɗin Epson matso tawada yake yi da ɗan motsi na lantarki, saboda haka iska na hana shi aiki ne kawai, ko da yake in aka daɗe a haka ragowar tawadar kan bushe a ƙofofin. Na Canon da HP kuwa da zafi suke aiki: suna tafasa ɗan ɗigon tawada ne ya yi tsalle ya fita, kuma tawadar ce ke sanyaya wurin. Idan aka ci gaba da bugu babu tawada a ciki, ƙonewa yake yi, ƙonannen hed kuma sai dai a sayi wani.

Shi ya sa kowane tanki ke da layi biyu, na sama da na ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka layin ƙasa sanarwa ce cewa lokacin zuwa kasuwa ya yi. A'a, wannan layin iyaka ce da ba a so tawada ta wuce. Tun tana sama da shi da kamar faɗin yatsa ya kamata kwalba ta riga ta iso shago. Kada kuma a dogara da kwamfuta. Yawancin ƙananan firintocin nan ba su da abin da ke auna tawadar da ke cikin tanki. Waɗanda ke nuna ma'auni a allo ma ƙiyasi suke yi daga yawan abin da aka buga, kuma idan ka gaya wa firintar ka cika tanki alhali rabi ka zuba, ƙiyasin nata ya tashi daga aiki. Ido ne ma'auni: a durƙusa a dubi tagar, firinta na zaune daidai a kan tebur.

Kafin a buɗe kwalba

Abu na farko shi ne lamba. Kowace firinta da lambar tawadarta, kuma galibi tana rubuce a jikin murfin tankin. Epson L3110, L3150, L3210 da L3250 da ake sayarwa a yankinmu suna shan tawada mai lamba 103, kwalbar mililita 65, waɗanda aka shigo da su daga Asiya kuma 003 za ka gani a jikinsu. Tsofaffin irin su L220, L360 da L382 lambarsu 664. Canon G2411 da G3411 suna amfani da GI-490. Na HP kalolinsu GT52 ne, baƙin kuma GT51 ko GT53.

Dalilin da ya sa lambar ke da muhimmanci shi ne tawada iri biyu ce. Akwai wadda launinta ya narke sarai a cikin ruwa, akwai kuma wadda ƙananan ƙwayoyin launi ne ke yawo a cikin ruwan ba su narke ba, wadda ake kira figimen. Baƙar 103 narkakkiya ce. Baƙar Canon GI-490 da ta HP figimen ce, haka ma baƙar Epson mai lamba 101 da ake zuba wa L4160. Duka baƙi ne a ido, amma idan aka gauraya su suna iya dunƙulewa su toshe ƙofofin hed. Akwai kuma tawadar da masu buga hoto a riguna da kofuna ke amfani da ita, ita ma a irin waɗannan kwalabe take zuwa. A shagon da ake yin aikin biyu, ya kamata kwalabenta su zauna a wani kwali daban.

Abu na biyu haske ne. A cikin kwalba, shuɗi da ja da baƙi duk duhu suke yi, rawaya ce kaɗai ke ɗan bayyana kanta. Wanda ya tsaya ɗuri da magariba an ɗauke wuta, yana riƙe da tocilan waya a haƙori, shi ne ke zuba shuɗi a gidan baƙi. A bari sai da rana. A karanta harafin da ke jikin kwalba a gwada da na tanki: BK baƙi, C shuɗi, M ja mai shigen hoda, Y rawaya. Kada a haddace jerin tankuna, domin jerin wannan firinta ba lallai ya zama na waccan ba. Masu Epson L805 da L1800 su ƙara lura, tankunansu shida ne, akwai LC da LM, wato shuɗi da ja masu haske, kuma su ne aka fi rikitawa da C da M. In takardar jikin kwalba ta goge, a ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda a shafa, launin gaskiya zai fito.

Sai a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin firinta, a ajiye tsumma mai ɗan danshi a kusa, a share ƙurar da ke saman murfin tanki kafin a buɗe shi. A lokacin hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ƙurar da ta faɗa tanki hanyar hed za ta nufa. Kwalbar kuma ba a jijjiga ta da ƙarfi, domin kumfa take yi, kumfa kuwa iska ce.

Ɗurin kansa

Mu ɗauki L3210, tunda tana da yawa a shaguna. Ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace: tanki ɗaya, kwalba ɗaya. Ka buɗe murfin tankin da za ka cika shi kaɗai, sauran ukun na rufe, sauran kwalaben kuma na nesa da hannunka. Muddin ƙofa ɗaya ce a buɗe, kuma ka karanta harafinta, da wuya ka yi kuskure.

Ka riƙe kwalbar a tsaye, ka murɗe murfinta a hankali, kada ka taɓa bakinta. Bakin kwalbar 103 yana da tsaga da ta dace da bakin tankin kalarta kaɗai, kamar yadda kamfanin ya ƙera shi don hana kuskure. Ka saita shi da bakin tankin, ka kifa kwalbar a miƙe ta zauna. Za ka ji tana ɓul-ɓul, tawada na sauka iska na hawa. Ba a matsa ta. Idan tawadar ta kai layin sama za ta tsaya da kanta. In ba ta fara zuba ba, ka cire ka sake sakawa. In kuma ta ƙi zama sam, kada ka tilasta mata, ka sake duba harafin, mai yiwuwa kwalbar ce ke gaya maka ba gidanta ba ne.

Da ta tsaya, ka zare ta a miƙe, ka rufe ta, ka danna murfin tankin sai ka ji ya zauna sosai. Galibi za a sami ragowa a kwalbar, tunda tankin bai ƙare ƙarƙaf ba. Nan ne rowa ke shigowa: mutum ya ga saura kaɗan, ya ce bari ya sake kifawa ya matse ta shige. Tankin da ya wuce layin sama ba shi da sararin iska, tawadar sai ta nemi hanya ta kafar shan iska ko ta gefen murfi, washegari a tarar da tebur ya rine. A ajiye ragowar a tsaye, a inuwa, ba a cikin mota ko bakin taga ba.

Wannan kariyar ta tsaga tana aiki ne da kwalbar kamfani. Da yawa daga cikin kwalaben da ake sayarwa da araha bakinsu na shiga kowane tanki, wasu kuma ba sa tsayawa da kansu. Haka nan wanda ke sayen tawada ta lita yana ɗurawa a tsohuwar kwalba: in ya ɗura shuɗi a kwalbar ja, tsagar ba za ta cece shi ba, ita ce ma za ta kai shi tankin da bai dace ba.

Tsofaffin kwalabe irin 664 da GI-490 ba su da wannan dabara ko kaɗan. A 664 sai an cire murfi, an ɓare ledar da ta like bakin, an mayar da murfin an ɗaure tam, in ba haka ba ta gefe za ta tsiyayo maka a hannu. Sannan a sa bakin cikin tanki a riƙa matsawa a hankali, ido na kan layin sama, domin babu abin da zai tsayar da ita sai kai. Wasu tsofaffin Epson masu tanki a gefe suna da ɗan makunni da ake murɗawa a toshe hanyar tawada idan za a yi tafiya da su. Wanda ya manta bai buɗe shi ba bayan ya sauke firinta zai ga bugu na ɓacewa, ya yi zaton iska ce ko toshewa.

Idan iska ta riga ta shiga

A ɗauki mai shago a makon da ɗalibai ke rububin buga furojet da hotunan fasfo. Shuɗinsa ya sauka ƙasa da layi tun jiya bai lura ba. Yau hotuna sun fara fitowa da jajayen fuskoki, korayen zane sun koma rawaya. Wannan alamar ta isa ta nuna kalar da ta ɓace: kore haɗin shuɗi da rawaya ne, in aka cire shuɗi rawaya ce za ta rage. Ya duba, ya ga tanki ya yi ƙasa, ya cika shi. Ya sake bugawa, babu canji. Dalili kuwa, cika tanki ba ya korar iskar da ta riga ta shiga bututu, tana nan tsakanin sabuwar tawada da hed.

Abin da ya kamata ya fara yi shi ne gwajin ƙofofi. A kwamfuta, cikin saitin firintar, ƙarƙashin Maintenance, akwai Nozzle Check. A L3210 ana iya yi ko babu kwamfuta: a kashe firinta, a danne maɓallin tsayar da bugu, a kunna ta ana riƙe da shi. Za ta fitar da takarda mai jerin siraran layuka na kowace kala, duk inda layi ya yanke, ƙofar wurin ba ta fitar da tawada. Ya rubuta lamba 1 a jikin takardar ya ajiye. Sai ya yi Head Cleaning sau ɗaya, ya sake gwaji, ya rubuta 2, ya jera su.

A nan masu gyara ke raba iska da toshewa. Idan giɓin yana wuri ɗaya a takardun biyu, busasshiyar tawada ce ko datti ya toshe waɗannan ƙofofin. Idan kuwa giɓin ya tashi daga nan ya koma can, ko ya cike a wani wuri ya ɓullo a wani, iska ce ke yawo. Wata alamar ita ce shafin farko ya fito lafiya, na uku ko na huɗu kalar ta dushe. Idan ya ɗaga murfin firintar ya dubi bututun da ke bin hed, sau da yawa zai ga fararen giɓi a cikin na shuɗin.

Yanzu ne ake tafka kuskuren da ya fi tsada. Ga ɗalibai tsaye, sai ya yi ta danna Head Cleaning, sau takwas, sau goma. Kowane wanki zuƙo tawada yake yi ta ƙasan hed da ɗan famfo, ya zubar a wani soso da ke cikin firintar. Tawada na tafiya a banza, har ta kalolin da lafiyarsu ƙalau. Zuƙar da aka jera ba hutu kan farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa, giɓin ya ƙaru maimakon ya ragu. Soson ma yana da iyaka, firintar na ƙirga abin da aka zuba masa, ranar da lissafin ya cika za ta tsaya ta ƙi aiki sai an kai ta wajen mai gyara.

Umarnin Epson a kan wannan a bayyane yake: idan an yi gwaji da wanki sau 3 babu ci gaba, a bar firintar aƙalla awa 12 ba bugu, sannan a sake gwaji. Hutun ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsa kumfa ke haɗewa ta taso sama ta bar bakin ƙofofin. Sau da yawa firintar da aka kashe da yamma tana yanke layi, da safe wanki ɗaya ya ishe ta. In har bayan haka ba ta gyaru ba, sai a je ga Power Cleaning, wanda ke zuƙe tawadar da ke cikin bututun gaba ɗaya ya maye ta da sabuwa. Shi kuma da sharaɗinsa: kowane tanki ya kasance da tawada aƙalla kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba wankin da kansa zai jawo sabuwar iska, kuma ba a maimaita shi sai bayan awa 12. Canon ma na da irinsa, a wasu firintocin sunansa System Cleaning, a wasu Ink Flush.

Wuta ma abin dubawa ce. Power Cleaning, da jan tawada na farko da sabuwar firinta ke yi na kimanin minti 10, ba a son su katse a tsakiya. Wanda wutarsa ba ta da tabbas ya jona firintar a inbata ko ya tada janareta kafin ya fara. Kullum kuma a kashe ta da maɓallinta, a jira fitilar ta mutu kafin a zare soket, domin a lokacin ne hed ke komawa mazauninsa a rufe ƙofofinsa kada su bushe.

Masu HP su kiyaye abu ɗaya: shuɗin maƙallin da ke danne hed, bayan an gama haɗa firinta ba a buɗe shi sai in za a canza hed ɗin ko littafin firintar ya ce a buɗe. Buɗe shi don leƙe kawai na shigar da iska.

Idan an zuba wata kala a gidan wata

Duk abin da zai biyo baya ya danganta da ko an yi bugu ko ba a yi ba. Idan ka farga nan take, gurɓatacciyar tawadar na cikin tanki ne kawai, bututu da hed lafiyarsu lau. Kada ka buga ko shafi ɗaya, kada ka yi wanki, kada ma ka kunna firintar in a kashe take, domin wasu na ɗan zuƙar tawada da zarar an kunna su. A zuƙe abin da ke tankin duka da sirinji mai siririn bututu, a zuba tawadar daidai kaɗan a sake zuƙewa, har sai ɗigon da aka gwada a farar takarda ya fito da launinsa. Kowace kala da sirinjinta. A tsofaffin firintoci masu faɗin baki mutum na iya yi da kansa. A irin L3210 bakin tankin matsattse ne, gara a kira mai gyara ya zo ya cire tankin ya wanke.

Tankin rawaya ya fi kowane rauni: ɗan baƙi ko shuɗi kaɗan ya isa ya mayar da shi kore ko ruwan ƙasa. Tankin baƙi kuwa kan haɗiye 'yan ɗigon wata kala ba a gane ba, in dai irin tawadar ɗaya ce. Masu cewa a yi ta bugawa har gurɓatacciyar ta ƙare suna mantawa da cewa cikin tanki guda shafuka dubbai ne, kuma duk hoton da aka buga a tsakani ɓatacce ne.

Tawadar da ta zuba a jikin firinta ko tebur, a goge ta nan take da tsumma mai danshi tun ba ta bushe ba. A hannu, sabulu da ruwa, abin da ya rage zai fita cikin 'yan kwanaki. In ta fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa, in zafi bai daina ba a je asibiti. A tufafi kam, musamman farar shadda, ba kasafai take fita ba, don haka ranar Juma'a bayan an yi shirin masallaci ba lokacin ɗuri ba ne. Kwalaben kuma a ɗaga su inda yara ba sa kaiwa.

Malala mafi muni a hanya take faruwa. Firinta mai tanki ba a kwantar da ita a gefe, ba a ɗaga ta tsaye, ba a ɗaure ta a karkace a bayan babur. In dole sai an kai ta wani wuri, a tabbatar murafen tanki sun zauna, a sa ta cikin babbar leda, a ɗora ta a cinya a cikin adaidaita-sahu tana zaune yadda take zama a tebur. In mai gyaran zai yarda ya zo shago, kuɗin motarsa ya fi arha a kan wankin firintar da tawada ta shiga cikin allon lantarkinta.